YADDA AKE LISSAFIN ƘARFIN ASID KO BES TA HANYAR TAITIRESHON

Daga Malamin Kemistiri

Gabatarwa



A farkon zangon karatu na biyu mun sami wata babbar kwalba a ɗakin gwaje-gwajenmu wadda danshi ya cinye takardar da ke jikinta. Abin da ya rage a rubuce shi ne HCl, watau haidurokulorik asid, amma lambar da ke nuna ƙarfinsa ta goge. Ido ba ya iya bambanta asid mai ƙarfi da wanda aka tsarma da ruwa, gama dukansu farare ne kamar ruwan sha. Ba a ɗanɗanawa, ba a kuma shaƙawa. Maimakon mu zubar, sai na sa 'yan aji shida suka binciko ƙarfinsa ta hanyar taitireshon. Lissafin wannan aiki ne zan bi da ku daki-daki, domin irinsa ne ke fitowa a jarrabawar gwaji ta Wayek, kuma a wurin lissafin ne yawancin ɗalibai suke asarar maki bayan sun yi awo mai kyau.

Abin da ake nufi da ƙarfi

In uwa ta zuba cokali biyu na gishiri a ƙaramar tukunya, maƙwabciyarta kuma ta zuba cokali biyu a babbar tukunya, gishirin daidai yake, amma miyar farko ta fi jin gishiri. Abin da muke kira ƙarfi ke nan: yawan abin da aka narkar a cikin wani ma'auni na ruwa. A kemistiri ma'aunin shi ne dm³ ɗaya, watau lita ɗaya, wadda take daidai da cm³ 1000.

Abin da aka narkar kuwa, da mol ake ƙidaya shi. Mol ƙidaya ce kamar dozin, sai dai tana da girma ƙwarai. Dalilin da ya sa ba mu tsaya ga giram ba shi ne, asid da bes ba bisa nauyi suke haɗuwa ba, bisa ƙidaya ne: ƙwaya kaza ta wannan tana cinye ƙwaya kaza ta wancan. Don haka in an ce ƙarfin ruwa 0.050 mol/dm³ ne, ana nufin kowace lita ɗaya tana ɗauke da mol 0.050.

Dabarar taitireshon mai sauƙi ce. Muna da ruwa biyu, ɗaya mun san ƙarfinsa, ɗaya ba mu sani ba. Sai mu auna sanannen, mu riƙa ɗiga ɗayan a kansa har su kashe juna daidai wa daida. Yawan abin da muka ɗiga shi ne zai tona mana asirin ƙarfinsa. In kaɗan ya isa, yana da ƙarfi. In sai da aka zuba da yawa, ba shi da ƙarfi sosai.

Ruwan da muka san ƙarfinsa

Duk lissafin yana tsaye ne a kan sanannen ruwan. In shi ya karkace, kome ya karkace. Mun zaɓi busasshen sodiyam kabonet, Na₂CO₃, domin ana samunsa da tsabta, ana iya busar da shi a tanda, a bari ya huce a rufe, a auna shi ba tare da nauyinsa yana gudu ba. Ɗan'uwan kanwa ne, gama kanwa ma tana ɗauke da shi, sai dai a gauraye da wasu gishiri da ƙasa. Ba mu ɗauki sodar sabulu ba, watau NaOH, domin tana shan danshi daga iska tun tana kan ma'auni, har ka ga ƙwayoyinta suna jiƙewa a idonka.

Mun auna giram 5.30, muka narkar a ruwa mai tsabta na ɗakin gwaji, muka cika har layin lita ɗaya. Nauyin mol ɗaya na Na₂CO₃ shi ne (23 × 2) + 12 + (16 × 3) = 106 g. Saboda haka:

ƙarfin bes = 5.30 ÷ 106 = 0.050 mol/dm³

A lura da abu guda. Akwai wani irin sodiyam kabonet mai ruwa a jikin ƙwayoyinsa, Na₂CO₃·10H₂O, wanda nauyin mol ɗinsa 286 g ne. Wanda ya auna wannan ya raba da 106 ya ɓata tun daga ƙofa. Karanta jikin kwalba da kyau, ko takardar tambaya, kafin ka raba.

Yadda muka yi awon

Mun cika biret da asid ɗin. Biret doguwar kwalba ce siririya mai lambobi da famfo a ƙasa, kuma sifilinta a sama yake, lambobin suna ƙaruwa zuwa ƙasa. Da fifet muka ɗebi cm³ 25.0 na bes muka zuba a filas, muka sa ɗigo biyu na metil orenj, ruwan ya zama rawaya. Muka ɗora filas a kan farar takarda, hannun hagu a kan famfo, hannun dama yana jujjuya filas.

Da farko asid yana faɗawa jan launi ya bayyana ya ɓace nan take. In aka kusa ƙarshe sai jan ya riƙa daɗewa kafin ya ɓace. Daga nan sai a koma ɗigo ɗaya ɗaya. Ɗigon da ya mai da ruwan daga rawaya zuwa ruwan goro, bai kuma koma ba, shi ne ƙarshe. In ruwan ya yi ja sosai, an wuce gona da iri.

Ga abin da rukuni ɗaya suka rubuta, duka a cm³:

Na gwaji: farko 0.00, ƙarshe 24.10, asid da aka ci 24.10
Na ɗaya: farko 0.00, ƙarshe 23.60, asid da aka ci 23.60
Na biyu: farko 23.60, ƙarshe 47.00, asid da aka ci 23.40
Na uku: farko 1.20, ƙarshe 24.70, asid da aka ci 23.50

Asid da aka ci shi ne karatun ƙarshe a cire na farko. Dubi na uku: ba dole ba ne a fara daga sifili, abin da ke dole shi ne a rubuta inda aka fara. Na gwajin kuwa da sauri aka yi shi don a san inda ƙarshen yake, shi ya sa ya zarce. Ba mu sa shi a lissafi ba. Sauran ukun tazararsu ba ta wuce 0.20 ba, don haka sun yarda da juna:

matsakaici = (23.60 + 23.40 + 23.50) ÷ 3 = 23.50 cm³

Da mun haɗa da na gwajin da mun sami 23.65, lambar da ta fi dukan ukun nan nisa da gaskiya.

Lissafin, mataki mataki

Mataki na ɗaya: rubuta daidaitaccen lissafin haɗuwar. Kada ka taɓa lamba ko ɗaya kafin ka yi wannan.

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Wannan layi yana gaya mana cewa mol ɗaya na kabonet yana bukatar mol biyu na asid. Dalili kuwa, kowace ƙwayar kabonet tana karɓar H⁺ biyu, alhali kowace ƙwayar HCl guda ɗaya tak take bayarwa. Kumfar da ɗalibai suka gani a filas ita ce iskar CO₂ tana fita.

Mataki na biyu: nemo mol na abin da ka sani. Lita ɗaya tana da mol 0.050, amma mu cm³ 25.0 kawai muka ɗiba, kashi ɗaya cikin arba'in na lita.

mol na Na₂CO₃ = 0.050 × 25.0 ÷ 1000 = 0.00125

Raba da 1000 ɗin nan shi ne mai da cm³ zuwa dm³. Wanda ya manta da shi zai sami mol 1.25, watau fiye da giram 132 na gari a cikin ruwan da bai cika ƙaramin kofi ba. Hankali kaɗai ya isa ya ce wannan ba zai yiwu ba.

Mataki na uku: haye zuwa wanda ba ka sani ba. Tun da ɗaya yana cin biyu:

mol na HCl = 2 × 0.00125 = 0.00250

Mataki na huɗu: mai da shi lita ɗaya. Mol 0.00250 ɗin nan a cikin cm³ 23.50 suke. To, nawa ne za a samu a cm³ 1000?

ƙarfin asid = 0.00250 × 1000 ÷ 23.50 = 0.1064 mol/dm³

Amsar da za a rubuta ita ce 0.106 mol/dm³, lambobi uku masu ma'ana, domin awonmu bai kai ya tabbatar da fiye da haka ba. Amma in akwai sauran lissafi a gaba, riƙe 0.1064 a hannu, sai a ƙarshe ka datse.

In an tambayi ƙarfin a giram, sai a ninka da nauyin mol ɗaya na HCl, watau 1 + 35.5 = 36.5 g:

0.1064 × 36.5 = 3.88 g/dm³

Ranar nan muka manna wa kwalbar sabuwar takarda da ƙarfinta da kwanan wata.

Gajeriyar hanya da tarkonta

Littattafanku suna ba da ƙa'ida guda wadda ta dunƙule matakan nan:

CAVA ÷ CBVB = nA ÷ nB

A yana nufin asid, B yana nufin bes, C ƙarfi ne, V yawan ruwan da aka auna, n kuma lambar da ke gaban kowanne a daidaitaccen lissafi. A namu, nA = 2, nB = 1. Sai mu juya:

CA = (0.050 × 25.0 × 2) ÷ (23.50 × 1) = 0.106 mol/dm³

Amsa ɗaya ce. A nan ba a bukatar raba da 1000, domin cm³ na sama da na ƙasa sun share juna. Ƙa'idar tana da sauri, amma tana da tarko biyu, kuma duka biyun na gan su a takardun aji shida a makon nan. Wasu sun ɗauka ɗaya da ɗaya ne, kamar na HCl da NaOH da suka saba, suka sami 0.0532, rabin amsa. Wasu sun tuna da biyun amma suka sa shi a ƙasa, suka sami 0.0266, kashi ɗaya cikin huɗu na amsa.

Ga yadda za ka kama kanka kafin mai duba takarda ya kama ka. Dubi ruwan biyu: 25.0 da 23.50, kusan daidai suke. Tun da ana bukatar asid ninki biyu na bes, kuma yawan ruwan kusan ɗaya ne, to dole ƙarfin asid ya zama kusan ninki biyu na 0.050, watau wajen 0.10. Tun da kuma asid ɗin da aka ci bai kai 25.0 ba, dole ya ɗan haura 0.10. Amsar 0.106 ta shiga wannan ma'auni. Ta 0.0532 da ta 0.0266 ba su shiga ba. Wannan dubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Kurakuran hannu da inda suke karkatar da amsa

Lissafi ba ya gyara awon da ya lalace. Ɗigo ɗaya daga biret kimanin cm³ 0.05 ne, don haka kuskuren ɗigo guda bai cika canja amsa ba. Amma rabin cm³ yana canjawa: wanda ya karanta 24.00 maimakon 23.50 zai sami 0.104. Ya kamata ɗalibi ya san ba kuskuren kaɗai ba, har da gefen da yake tura amsa.

In aka wanke biret da ruwa ba a ɗauraye ta da asid ɗin kansa ba, ruwan da ya rage zai tsarma asid. Za a ci asid da yawa, amsa ta fito ƙasa da gaskiya. Alamarsa ita ce awon farko bayan wanki ya fi na baya yawa. Haka kuma in iska ta maƙale a bakin biret a ƙarƙashin famfo, wani ɓangare na asid zai tafi cika gurbin, biret ta nuna an ci abin da bai shiga filas ba. Maganinsa a buɗe famfo sosai na ɗan lokaci kafin a ɗauki karatun farko.

In fifet ce take da ruwa, bes ɗin da aka ɗiba bai kai ƙarfin da muka rubuta ba. Za a ci asid kaɗan, amsa ta fito sama da gaskiya. Ita ma fifet da bes ɗin ake ɗauraye ta. Ɗan ɗigon da ke maƙalewa a bakinta ba a hura shi, gama an riga an yi lissafinsa tun wajen ƙera ta. Kuma ba a zuƙar ruwan da baki. A yi amfani da robar zuƙa.

Filas kuwa akasin haka ne, kuma nan ɗalibai suke rikicewa. Da ruwa mai tsabta kaɗai ake ɗauraye shi, ba da bes ba. Ruwan da ya rage a filas ba ya ƙara mol, ba ya ragewa: mol 0.00125 da fifet ta kawo suna nan ko an ƙara ruwa. Amma in an ɗauraye shi da bes, an ƙara mol ɗin da ba a ƙidaya ba, sai a ci asid da yawa.

Sauran biyun na ido ne. A cire mazurari daga bakin biret kafin a fara, don kada ɗigo ya riƙa faɗowa a ɓoye. A kuma karanta ƙasan lanƙwasar ruwan, ido yana daidai da layin, ba daga sama ko ƙasa ba.

Game da manuni, metil orenj yana canja launi a gefen asid, tsakanin pH 3.1 da 4.4, kuma can ne kabonet yake gama karɓar H⁺ ɗinsa na biyu. Da mun sa fenoftalin, wanda yake canjawa a gefen bes, da launin ya ɓace tun kabonet ya karɓi H⁺ ɗaya kawai, a wajen rabin asid ɗin. Wanda ya sa wannan rabin a lissafin ɗaya da biyu zai sami amsa ninki biyu.

Amfanin da muka yi da asid ɗin

Ba a yi wata ɗaya ba sai ga wata uwa daga zumuntar mata ta zo da ƙorafi. Sun haɗa sabulu don taimakon asusunsu kamar yadda suka saba, amma ya ƙi daskarewa, yana ta tsatsar mai. Ta ce, "Malam, awonmu bai canja ba, ko sodar ce?" Sodar ta daɗe a buhun da ba a ɗaure bakinsa ba tun damina, har ta dunƙule.

Yanzu asid ɗinmu ya zama sananne, soda ce ba a sani ba. Muka auna giram 5.00 na sodar, muka narkar, muka cika lita ɗaya. Muka ɗebi cm³ 25.0, da metil orenj, matsakaicin asid da aka ci ya zama cm³ 26.40.

NaOH + HCl → NaCl + H₂O

A nan ɗaya da ɗaya ne.

mol na HCl = 0.1064 × 26.40 ÷ 1000 = 0.00281
mol na NaOH = 0.00281
ƙarfin soda = 0.00281 × 1000 ÷ 25.0 = 0.1124 mol/dm³

Nauyin mol ɗaya na NaOH shi ne 23 + 16 + 1 = 40 g, don haka 0.1124 × 40 = 4.50 g/dm³. Giram 5.00 muka zuba, amma 4.50 ne suka yi aiki, watau kashi 90 cikin ɗari. Da sodar tana da cikakkiyar tsabta, da asid ya kai wajen cm³ 29.4. A kowane kilo da iyayenmu suka auna, kimanin giram 100 ba soda ba ne, yawanci ruwan da ta sha. Soda ta gaza, mai ya yi rara, shi ya sa sabulun ya yi laushi.

Sai dai wannan awo yana da iyaka, kuma na gaya wa ɗalibai haka. Soda da aka bari a buɗe ba danshi kaɗai take sha ba, tana shan iskar CO₂ ta koma sodiyam kabonet, wanda ba ya haɗa sabulu kamar soda. Da metil orenj, kabonet ɗin ma yana cin asid, sai ya shiga lissafi kamar soda ce. Saboda haka kashi 90 shi ne mafi yawan abin da sodar za ta iya kaiwa. Ta gaskiya tana iya yin ƙasa da haka. Shawarar da muka ba su ita ce su sayi sabuwa, su adana ta a robar da ke rufuwa gam. Muka kuma tuna masu cewa soda ake zubawa a ruwa kaɗan kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, domin tana fid da zafi, tana kuma cin fata da ido.

Aikin gida

An ɗebi cm³ 25.0 na NaOH mai ƙarfin 0.100 mol/dm³. Ya ci cm³ 20.00 na H₂SO₄. Nemo ƙarfin asid ɗin a mol/dm³ da kuma g/dm³. Nauyin mol ɗaya na H₂SO₄ shi ne 98 g. Fara da rubuta daidaitaccen lissafi, ka lura cewa wannan karon asid ne mai ba da H⁺ biyu, saboda haka biyun a gaban bes yake. Wanda ya yi daidai zai sami 0.0625 mol/dm³ da 6.13 g/dm³. Wanda ya sami 0.125 ya manta da biyun, wanda ya sami 0.250 kuma ya juya shi.

Kammalawa

Magana ta ƙarshe ga 'yan aji shida. Na sha ganin ɗalibi ya leƙa takardar maƙwabcinsa ya goge 24.10 ya rubuta 23.50 don lambobinsa su yi kyau. 'Ya'yana, kada ku yi haka. In awonku ya ƙi yarda da juna, sake cika biret ku maimaita. Da mun yi wa lambobin sodar nan kwaskwarima, da iyayenmu mata sun sake asarar mai da kuɗinsu. Ku rubuta abin da biret ta nuna, da lamba biyu bayan ɗigo, ku rubuta daidaitaccen lissafi kafin kome, ku kuma gwada amsarku da hankali kafin ku miƙa takarda.

Allah ya ba ku nasara a jarrabawarku. Amin.